Kaka da cokalinta

Bara ƙungiyarmu ta ɗauki wani ɗan bidiyo da waya a kan bai wa jariri ruwa. Irin wannan majigi na gida an yi shi a ƙauyukan Maradi tun 2015, muka ce mu ma a Magarya bari mu gwada.

Mun buɗe da kaka tana ɗura wa jika ruwa da cokali, tana faɗa wai zafin bazara ko raƙumi sai ya sha. Wadda ta yi kakar gwana ce, aka yi ta dariya. Sai can ƙarshe ungozoma ta fito ta yi bayani. Bayan sati ɗaya na tambayi mata goma abin da suka riƙe. Kusan duka maganar raƙumi suka maimaita mini, wata ma cewa ta yi ai bidiyon ya ce a ba da ruwa kaɗan kaɗan. Laifinmu ne. Abin da kunne ya fara ji, ya kuma ji da daɗi, shi ke zama, kuma mace mai tukunya a wuta ba ta kai ƙarshen kallo.

Muka sake shi, minti uku. Yanzu uwa ce ke fara magana, tana shayarwa: "Nono zalla har wata 6, ko da bazara." Sannan mai magana ta yi kashedi cewa ga wani zance da ake yi wanda ba daidai ba ne, kaka ta faɗe shi sau ɗaya, a gajarce. Cokalin mun cire shi gaba ɗaya, don ido ya fi kunne riƙo.

Inda muka fi daɗewa shi ne tsoron kaka. Gaskiyarta, yaro na jin ƙishirwa. In kika ce mata "a daina" kawai, kin bar ta da jika yana kuka, gobe za ta koma ga randa. Sai ungozoma ta ce mata fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ruwan randa kuwa na iya kawo zawo, ya kuma cika ɗan cikin yaro ya rage tsotso. Ta ba ta aikin yi: a ƙara sa yaro a nono, moɗar ruwan a miƙa wa uwa. In yana jiƙa zane kamar sau 6 a yini da dare, nonon na isar sa.

Ba mu kunyata kaka ba. A Dungass ko a nan, surukar da aka yi wa dariya a majigi ba za ta bar ki ki shiga gidanta da wayar ba. Ita ce ta rufe bidiyon, ta miƙa wa matar ɗanta moɗa, ta maimaita maganar farko kalma da kalma.

In kun nuna naku, kada ku tambaya a wurin. Ku bari sai zubi mai zuwa, ku ce kowace ta faɗi abu ɗaya da ta tuna.