Gidan Haya: A Lissafa Wata Goma, Ba Goma Sha Biyu Ba

Maganar wannan watan da ke nake, Hajiya mai ɗan jari, wadda ta daɗe tana zubi, ta yi kiwo, ta sayi hatsi ta saida, har kuɗi suka taru tana neman inda za ta aje su. Shawarata ki sayi gidan haya mai ƙananan ɗakuna. Amma ki saye shi da lissafinki, ba da lissafin dillali ba.

Bari mu ɗauki misali. Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari, sai kowace ta sa na unguwarsu. A ce gida ne a Maraɗi, kusa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ginin laka da yaɓen siminti, rufin tol, ɗaki 6, makewayi 2, da pampo a tsakar gida. Mai shi ya ce miliyan 9. Kowane ɗaki ana hayarsa jika 15 a wata, ke nan jika 90 a wata, miliyan 1 da jika 80 a shekara. Dillali zai ce miki: "Hajiya, kashi 12 cikin ɗari ke nan, shekara takwas da ƴan watanni kin maida kuɗinki." Bai yi ƙarya a lissafi ba, sai dai ya tsaya a rabin hanya.

Da farko, gidan ba a miliyan 9 zai tsaya miki ba. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin maida takardu da sunanki, akwai fenti da gyaran ƙofofi kafin kowa ya shiga. Ki sa miliyan 1 a kan wannan. Jarinki ya zama miliyan 10.

Sannan ɗaki ba ya cika wata goma sha biyu. Ɗalibi yana tafiya gida lokacin babban hutu, wani ya riƙe ɗakin, wani ya sake shi. Ma'aikacin gwamnati ana canza masa wurin aiki. Saurayi ya yi aure ya nemi ɗaki da salo. Duk wanda ya fita, sai an share, an shafa fenti, an jira wani. Shi ya sa nake cewa kowane ɗaki ki lissafa masa wata goma. Wata biyu na ɗaki shida jika 180 ne. Saura jika 900.

Akwai kuma wanda yake cikin ɗakin amma ba ya biya. "Inna, ki yi haƙuri albashi bai fito ba." Wata uku su wuce, ki wayi gari ya kwashe kayansa. Mu ce mutum ɗaya ne kawai a shekara: jika 45. Saura 855. Gyara kuwa ba ya fashi: yaɓe kafin damina, tol mai yoyo, yashe masai, pampo da ya lalace. Ki ware jika 120. Saura 735. Kuɗin haya yana da haraji, ki je ofishin haraji su faɗa miki naki tun kafin ki saya. A nan na ware kashi goma na abin da ya shigo hannu, wajen jika 85. Abin da ya rage naki jika 650 ne a shekara.

Jika 650 a kan miliyan 10, kashi 6 da rabi ke nan cikin ɗari, wajen jika 54 a wata. Kuɗinki za su dawo cikin shekara 15 da ƴan watanni. In kuma ba a garin kike ba, kika sa mai karɓar miki haya yana cire kashi goma, ki rage wasu jika 85.

Za ki ce ai kiwon ragon layya ya fi wannan riba. Gaskiya ne, in shekara ta yi kyau. Amma rago yana ciwo, ana sace shi, dussa tana tsada, kuma kullum sai kina tsaye. Gida shi ne kuɗin tsufa: ranar da ƙafa ta daina zuwa kasuwa, jika 54 ɗin nan tana shigowa, fili yana nan, kuma ɗiyanki za su gada.

Me ya sa ɗakuna shida, ba babban gida mai iyali ɗaya ba? Domin mai iyali ɗaya in ya tashi, ko dala ba ta shigowa har a sami wani, kuma masu iya biyan jika 80 ko 90 ba su da yawa. A ɗakuna shida, in ɗaya ya zama wayam, kashi ɗaya cikin shida kawai kika rasa. Wahalarsa ita ce hulɗa da mutum shida da rigimar kuɗin wuta da na ruwa. Ki rubuta yadda za a raba su tun ranar shiga, kowa ya biya wata biyu na ajiya, kuma duk biya ki ba da rasit.

Abu biyu ne ke iya cinye jarin gaba ɗaya. Na farko takardu. Ki ga takardar fili ta asali da idonki, ba hoto ba, ki kai ta meri a duba lambar fili da sunan mai shi. In gidan gado ne, kada ki biya sai an raba gadon a hukumance, kuma duk magada sun sa hannu gaban shaidu. Wanda ke Legas ko Agadas yana da haƙƙi kamar wanda ke gabanki. In mai saidawa yana gaggawa yana cewa takarda tana wurin yayansa, ki riƙe kuɗinki. Kuma in kuɗinki ne, sunanki za a rubuta, ba na maigida ko na ƙane ba.

Na biyu ruwa. Mun ga yadda gidajen laka suka zube a Maraɗi da Damagaram a daminar 2024, da yadda kogi ya shiga unguwannin Yamai a 2020. Ki je ganin gida a watan Agusta, bayan an yi ruwa. Ki duba gindin bango: in akwai layin danshi, ko farin gishiri yana fitowa, ko tsakar gida ta fi titi ƙasa, arahar nan tana da dalili. Maƙwabta mata ma za su gaya miki iya inda ruwa ke kaiwa.

Kada ki ci bashin asusu ki sayi gida. A ƙungiyoyi da yawa ana ɗora kashi 5 ko 10 a wata, gida kuwa kashi 6 da rabi yake bayarwa a shekara. In kuɗinki ba su kai ba, ku haɗu ku biyar, kowace miliyan 2, kowace ta samu jika 130 a shekara. Ku rubuta rabon kowa, da yadda za a yi in ɗaya tana son fita ko ta rasu.

Kafin ki ce kin saya, ki zaga gidajen haya biyar na unguwar, ki ƙirga ɗakunan da ke kulle, ki tambayi tun yaushe. In sun wuce ɗaya cikin shida, wata goma ma ya yi yawa, sai ki sake lissafi da tara, ki rage tayinki. Allah ya sa albarka cikin abin da muka tara.