Hutun da ba ka ci ba bashi ne, amma sai da takarda

Jama'a, ga Disamba ta zo, kuma yanzu ne ake fara rigimar hutun shekara a ofisoshi. Jiya wani ƙanina da ke aiki a wani kamfani mai zaman kansa ya kira ni ransa a ɓace. Kwana 20 ne hutunsa a shekara, ya ci 8 lokacin ƙaramar Sallah, saura 12. A watan Agusta ya nemi sauran, oga ya ce masa "ka bari aiki ya lafa". A Oktoba ya sake nema, aka ce abokin aikinsa ba ya nan. Yanzu an liƙa sanarwa cewa duk wanda bai cinye hutunsa ba zuwa 31 ga Disamba, kwana 5 kawai za a tsallaka masa da su sabuwar shekara, sauran sun ƙone.

Na tambaye shi, da ka nema a Agusta, a rubuce ne? Ya ce a'a, a baki ne, a bakin ƙofar ofis. Na ce to nan ne ka yi sake.

Ra'ayina a kan wannan magana a fili yake. Hutun da ma'aikaci bai ci ba, ba alfarma ba ce da ta wuce. Bashi ne a kan wurin aikin. Mu yi lissafin tare ku gani. A ce albashinsa naira 220,000 ne a wata, kuma ana aiki kwana 22 a wata. Kenan kowace rana tana tsayawa a naira 10,000. Kwana 12 da suka rage masa naira 120,000 ne. In aka bar masa 5 aka ƙona 7, ya yi wa kamfani aikin naira 70,000 a ranakun da ya kamata a ce yana gida yana hutawa kuma albashinsa na tafiya. Wanda aka zaftare wa 70,000 daga albashi zai tada jijiyar wuya, amma da yake kwanaki ne aka zaftare, sai mutum ya ce "ba komai".

Su masu kamfanin sun san kuɗi ne, domin akantocinsu suna rubuta shi. A ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya da ake kira IAS 19, hutun da ake iya tsallakawa da shi wata shekara, ana ƙiyasta kuɗinsa a ƙarshen shekara a saka shi cikin basussukan da ake bin kamfani. Ka ɗauka ma'aikata 30 ne, kowa na da kwana 12 a kan wancan albashin: naira miliyan 3.6 kenan zaune a littafi. In kuma aka yi ƙarin albashi a Janairu, ranar ta koma 12,000, bashin ƙanina shi kaɗai ya tashi daga 120,000 zuwa 144,000. Wannan ne dalilin da ya sa sanarwar "ku cinye ko ya ƙone" take fitowa a ƙarshen shekara. Ana son a rage bashin kafin a rufe littafi.

To me doka ta ce? Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na aiki a matsayin hutu da cikakken albashi bayan ya yi wata 12 a jere yana aiki. Ya yarda a ɗage hutun in ɓangarorin biyu sun amince, amma kada lokacin tara shi ya wuce wata 24. Sannan ga wurin da mutane da yawa ba su sani ba: sashen ya haramta wa mai wurin aiki ya biya ka kuɗi a madadin wannan hutun muddin kana nan kana aiki. Saboda haka maganar "oga, a ba ni kuɗin kawai" ba ita ce mafita ba. Biyan kuɗi yana shigowa ne idan aiki ya ƙare.

Sai dai a lura da iyakar dokar. Kwana 6 ta tanada, ba 20 ba. Ragowar 14 na ƙanina daga takardar ɗaukar aikinsa suka fito, don haka abin da takardar da littafin dokokin ma'aikata suka ce shi ne zai yi aiki a kansu. Kuma dokar ba ta ɗauki manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru a cikin "ma'aikatan" da take karewa ba. Su kwangilarsu ce garkuwarsu. Ma'aikatan gwamnati ma nasu tsarin daban ne, a dokokin aikin gwamnati yake. Kowa ya buɗe takardarsa ya karanta kafin ya ɗaga murya.

Wani abin kuma, kada ka haɗa alawus ɗin hutu da kwanakin hutu. Na sha jin mutum na cewa "ai an biya ni kuɗin hutuna", alhali bai huta ko kwana ɗaya ba. Alawus daban, kwanaki daban. Karɓar ɗaya ba ya share ɗayan.

Yanzu bari in yi wa masu wuraren aiki adalci. Akwai ma'aikatan da da gangan suke tara hutu shekara da shekaru, suna jiran sai albashi ya hau su ajiye aiki a biya su a kan sabon farashi. Akwai kuma waɗanda ba sa son barin kujerarsu saboda abin da za a gano in wani ya zauna a kai. Shi ya sa a harkar banki ake sa ido a kan wanda ba ya tafiya hutu. Don haka sanya iyaka a kan kwanakin da za a tsallaka da su ba zalunci ba ne a karan kansa. Ni ma da ina da kamfani zan sa.

Inda na rabu da su shi ne a nan: ba za ka hana mutum hutu a Agusta ba, sannan ka hukunta shi a Disamba don bai huta ba. Hutun da ma'aikaci ya ƙi nema, in ya ƙone shi ya jawo. Hutun da ya nema aka hana shi saboda aikin kamfani, bai kamata ko kwana ɗaya ya ƙone ba. Abin da ke raba biyun nan kuma takarda ce. A gaban shugaban ma'aikata, ko a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa in abin ya kai can, "wallahi na gaya wa oga" ba za ta yi nauyin fom ɗin da aka sa wa hannu ba.

Abin da na ce wa ƙanina ya yi shi ne, gobe da safe ya je wurin jami'in kula da ma'aikata ya karɓi adadin kwanakinsa a rubuce. Ya cike fom na kwana 12 ɗin gaba ɗaya yanzu. In aka ce ba zai yiwu ba, a rubuta masa cewa an ɗage ne saboda aiki, tare da watan da zai ci. Ya ajiye kwafi a gida, ba a durowar ofis ba. Ba faɗa, ba ɗaga murya.

Ku kuma da ke riƙe da ma'aikata, tun Janairu a fitar da jadawalin hutu, a duba shi a Yuni, kada a bari sai Disamba kowa ya taso lokaci ɗaya. Gumin mutum amana ce, ko da kwanaki ake ƙirga shi ba da naira ba. Allah Ya sa mu ga sabuwar shekara lafiya.