Kafin yarinya ta sa hannu cikin ƙwarya: yadda ake rubuta sanarwar kyauta

 

Ranar 13 ga Mayu tana tahowa, ranar matan Nijar, wadda ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 don a ƙara musu kujeru cikin kwamitin shirya taron ƙasa. Ƙungiyoyi da dama a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa suna son sa kyauta don wannan rana. Abin da aka saba, a ɗauki hoton kyautar, a sa shi a WhatsApp, a rubuta ƙarƙashinsa: “Ku shiga, mai rabo ta samu.” To, waɗannan ƴan kalmomin da ke ƙarƙashin hoto su ne zancenmu na yau. Duk abin da ba su faɗa ba, sai an yi gardamarsa ranar ƙuri'a, a lokacin da kowace ta riga ta san wadda hukuncin zai amfana. Ita kuwa ƙungiyar asusu da yarda take tafiya. Matar da ta tashi taro tana ganin an cuce ta kan akuya, mako mai zuwa da zargi za ta dubi akwatin zubi.

Da fari, a san ko gasa ake yi ko ƙuri'a. A gasa gwaninta ake aunawa, kamar a ce wa ta fi iya ƙuli-ƙuli ko kwaɗon zogale, sai an sa alƙalai an faɗi abin da za su duba. A ƙuri'a kuwa ba gwana, kowace suna ɗaya gare ta. Kar a haɗa biyun. In an ce ƙuri'a ce, ba mai ikon tashi daga baya ta ce wance ta fi ƙoƙari, ita ta cancanta. Yau ƙuri'a za mu ɗauka. Kuma shigarta kyauta ne. Da zarar an ce kowace ta sayi tike, a tara kuɗin a ba mutum ɗaya, to an fita daga kyauta an shiga caca. Kuɗin kyautar su fito daga wani mai bayarwa, ko daga abin da taro ya ware da yardar kowa, ban da zubi, ban da asusun taimako.

Mu ɗauki misali. A ce haɗakar ƙungiyoyi ce ta garuruwan nan uku ta samu akuya da atamfa. Ga yadda sanarwar za ta kasance ƙarƙashin hoton:

“Kyautar ranar mata. Jar akuya ta Maraɗi, mace, mai shekara ɗaya, ita ce wannan da ke cikin hoto. Sai turmin atamfa uku, ɗaya na Maraɗi, ɗaya na Tibiri, ɗaya na Jiratawa. Mai shiga: duk matar da ta kai wata shida cikin ɗaya daga ƙungiyoyin haɗakarmu, kuma ba ta da bashin da wa'adinsa ya wuce ranar rufewa. Mace ɗaya suna ɗaya, ko da tana cikin ƙungiya biyu. Ba a biyan ko dala. Ki ba mai rubutun ƙungiyarki sunanki, ta ba ki lamba, ki adana ta. Ana fara rubutawa Litinin 6 ga Afrilu 2026, a rufe Alhamis 7 ga Mayu, ƙarfe 4 na marece. Ƙuri'a Laraba 13 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe, gaban kowa, a wurin taron haɗaka. Akuya daga ƙwarya ɗaya ta kowa da kowa, atamfa kowane gari daga tasa ƙwarya. Wadda ta ci akuya ba ta shiga ta atamfa. Ƴan kwamitin ƙuri'a ba su shiga. Ba dole sai kina wurin ba: kina da kwana 14 ki zo da lambarki, in sun wuce a ba ta biyu. Haɗaka ce za ta kai akuyar garin wadda ta ci. Ba wanda zai kira ki a waya ya ce ki turo kuɗi.”

A taku sanarwar ku sa sunan unguwa da gidan da za a taru. Yanzu mu bi ta sannu-sannu.

Kun ga an ce “ita ce wannan da ke cikin hoto”. In an rubuta “akuya” kurum, mai shiga tana hangen uwa mai ciki, ranar bayarwa a jawo mata ɗan bunsuru. In kuwa kuɗi ne kyautar, a faɗe su ta hanya biyu: jaka goma, wato sefa 10.000. Mu da dala muke lissafi, takarda kuwa da sefa, kuma “ɗari” a bakinmu sefa 500 ne a rubuce.

Sharaɗin shiga ya zama abin da kaye zai iya shaida. “Mai ƙoƙari” ko “mai zuwa taro” ba sharaɗi ba ne, don kowace tana ganin kanta mai ƙoƙari. Amma wata shida, ana buɗa kaye a gani. Haka bashi: ba a ce mara bashi ba, don cin bashi shi ne amfanin asusu. An ce bashin da wa'adinsa ya wuce, kuma an faɗi ranar da za a duba. Kishiyoyi biyu a gida ɗaya, in kowace tana zubinta, kowace da sunanta. Shiga kuma ta hannun mai rubutu ne, ba ta tura saƙo ba, saboda da yawanmu wayar ta maigida ce ko ta ɗa, wasu ma babu. Don haka a karanta sanarwar da murya a tura, a kuma karanta ta a taron mako har sau biyu, yadda take a rubuce, ba ragi ba ƙari.

Ranar rufewa tana son abu uku: sunan rana, kwanan wata, da ƙarfe. “Ƙarshen wata” ko “bayan Sallah” ba rana ba ce. “Bayan la'asar” ma, ta wani gida ba ta wani ba ce. In ƙarfe 4 ya buga, mai rubutu ta ja layi ƙarƙashin suna na ƙarshe, ta rubuta jimla, mata biyu su dangwala hannu. Wadda ta zo da minti goma a baya, a ba ta haƙuri, ko da ƙanwar shugaba ce. Kuma kar a ƙara kwana don an ga mutane kaɗan ne suka shiga: kowane sunan da aka ƙara bayan wa'adi, rabon waɗanda suka zo kan lokaci yake ragewa. Kwana biyar ɗin da ke tsakanin rufewa da ƙuri'a na karanta sunaye ne a kowace ƙungiya, don wadda aka tsallake ta yi magana tun da sauran gyara.

Sai maganar ƙwarya ɗaya ko uku, wadda nan ne aka fi samun ɓacin rai. A ce sunaye 200 aka samu: Maraɗi 120, Tibiri 50, Jiratawa 30. In an zuba su duka ƙwarya ɗaya aka ciro atamfa uku, kowace mace rabonta daidai yake da na ƴar uwarta. Amma lissafi ya nuna kusan sau ɗaya cikin biyar, duka ukun Maraɗi za su faɗa, ba tare da wani maguɗi ba. Sai dai je ki faɗa wa wadda ta biya kabu-kabu daga Tibiri haka, ki ji. In kuwa an raba ƙwarya uku, kowane gari zai koma da turmi, amma ta Jiratawa ɗaya ce cikin 30, ta Maraɗi ɗaya cikin 120, wato rabon ta farko ya ninka na ta biyu sau huɗu. Kowace hanya da adalcinta, da kuma abin da ta tauye. Shi ya sa a misalinmu muka sa babbar kyauta a ƙwarya ɗaya, ƙananan a ƙwaryar gari. Ku zaɓi wadda kuka ga dama, amma a rubuta ta kafin a san yawan sunayen, ba bayan an ƙirga ba.

Ranar ƙuri'a, abin da muka gada daga Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, shi za mu bi: akwati mai kwaɗo uku, kuma ba a buɗa shi sai gaban taro. Takardun lamba su kwana ciki, makulli ɗaya Maraɗi, ɗaya Tibiri, ɗaya Jiratawa. Daga kaye ɗaya za a yanke su, girma ɗaya, bik ɗaya, ninki ɗaya, don takarda mai kauri ko mai faɗi yatsa yana gane ta. A kife ƙwaryar kowa ta ga ba kome ciki. A ƙirga takardun da ƙarfi ana zubawa. In kaye ya ce 200 aka samu 198 ko 203, a dakata, ba ƙuri'a sai lissafi ya daidaita.

Mai cirowa ƙaramar yarinya ce da ba ta iya karatu ba, wadda uwarta ba ta cikin masu shiga. Ta nuna tafin hannunta, ta kau da kai, ta ciro guda. In biyu suka biyo hannunta, a mayar duka a sake motsawa. Mata biyu daga garuruwa dabam su karanta lambar, a ɗaga ta sama, sannan a duba sunan a kaye. Nan take a ciro ta biyu, mai jiran gado, a rubuta. Daga nan a buɗe sauran takardun a raba su gari-gari don ƙuri'ar atamfa, ana kiran kowace lamba. Wannan kiran yana cin lokaci, amma shi ne hujjarku, don duk wadda ba ta ci ba ta ji da kunnenta cewa lambarta tana ciki. Gani ya kori ji. Takardar mai jiran gado ta koma ƙwaryar garinta, don ita ba ta ci kome ba tukuna.

Ga kuma alamun da za su sa ku tsaya ku yi tambaya, ko a namu taro ko a sanarwar da aka turo muku daga waje: ba a faɗi ranar rufewa ba, ko an faɗa an sake, an sanar da wadda ta ci ba wanda ya ga cirowar, an ƙi buɗa sauran takardu, ko an ce kin ci, amma ki fara turo kuɗin mota ko na takarda. Wannan na ƙarshen ba kyauta ba ce, damfara ce.

Kafin ku tura taku sanarwar, ku karanta ta ga wata dattijuwa da ba ta zo taron shirin ba. Ku tambaye ta: wa ke shiga, yaushe ake rufewa, wa zai ciro, in mai rabo ba ta zo ba fa? Duk inda ta ce “oho”, nan ne bango ya tsage, ku gyara shi tun hoton bai fita ba. Hoton wadda ta ci kuwa, kar a yaɗa shi sai da izininta.

Allah ya ba mai rabo sa'a, ya bar mu da zumuncinmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.