Kuɗin Goro, Ƙyama da Wariya: Darasi Daga Kaduna

Duk shekara nakan tambayi ɗalibaina bambancin kuɗin goro da ƙyama da wariya, galibinsu kuma sukan ce ai duk kanwar ja ce. Ba haka ba ne. Kuɗin goro a tunani yake: a ɗauki hali guda a shafa wa al'umma baki ɗaya, a ce "'yan ƙabila kaza mayaudara ne". Ƙyama a zuciya take, ita ce ƙin da mutum ke ji tun bai san wanda ke gabansa ba. Wariya kuwa aiki ce, kamar hana mutum hayar gida saboda sunansa. Ɗaya na iya samuwa ba ɗaya: dillali na iya korar mai neman haya bisa umarnin mai gida, alhali shi ba ya ƙinsa.

A 1954, masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya ce cuɗanya na rage ƙyama, amma da sharuɗɗa huɗu: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, da buri ɗaya, suna taimakon juna, hukuma kuma na mara musu baya. Cuɗanyar ubangida da baransa ba ta cika sharaɗin farko ba.

An jarraba wannan ra'ayi a Kaduna, garin da rikicin shekarar 2000 ya raba unguwanninsa bisa addini. Masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun shirya wa samari Musulmi da Kirista horon kwamfuta na mako 16. Ta hanyar ƙuri'a, wasu suka shiga aji mai gauraye, wasu ajin 'yan addini ɗaya. Daga baya aka auna abu biyu: abin da kowa ke faɗa game da ɗaya ɓangaren, da yadda yake raba kuɗi da wani baƙo wanda sunansa ke nuna addininsa.

Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa ƙyama ba ta ragu ba, amma 'yan aji mai gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci wajen rabon. Abin lura shi ne tushen bambancin: waɗanda aka keɓe da 'yan addininsu ne suka ƙara fifita nasu, fiye ma da samarin da ba su shiga horon ba.

Darasin da na ɗauka shi ne, aiki na iya bambanta ko da zuciya ba ta sauya ba, kuma keɓewa kanta tana haifar da wariya. Don haka, duk lokacin da makaranta ta bar ɗalibai su raba ɗakunan kwana ko rukunin nazari bisa addini ko ƙabila don gudun fitina, ta sani cewa wata fitinar take renon ta.