Kafin Ka Biya Kuɗin Faifan Wa'azi, Alhaji, Ka Saurari Muryar

Duk wanda yake cin kasuwannin bakin iyaka, daga Ɗan Isa da Jibiya zuwa Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa yawancin bidiyon koyar da addini da ke yawo a wayoyinmu ƴan kasuwa ne suke ɗaukar nauyinsu. Wani ya yi don sadaka ga iyayensa da suka rasu, wani kuma don maniyyatan garinsu su koyi aikin Hajji kafin su tashi. Allah ya saka da alheri. Amma akwai wani sakaci da nake gani, wanda ya sa na ɗauki alƙalami yau: ana kashe kuɗi a kan hoto, a bar murya ga duk yaron da aka samu kusa. A ganina wannan kuskure ne, domin kuwa mutumin da ke zaune a rumfa yana awo, wayarsa tana aljihu, ba kallo yake yi ba, saurare yake yi. Abin da kunnensa ya ɗauka shi zai tafi da shi har gaban Ka'aba.

Na daɗe ina aikin naɗar murya, kuma abin da ya tunzura ni shi ne wani faifan koyar da Umra da wani ɗan kasuwar atamfa ya kawo mini in gyara. Hoton ba laifi. Mai maganar ma yana da murya mai daɗi. Sai dai matsaloli uku sun taru a ciki, kuma su ne nake ji a kusan kowane faifai.

Ta farko ita ce gaggawa. A wurin da ake bayanin fara ɗawafi, hoton daƙiƙa 40 ne, amma an rubuta wa mai magana kalmomi 110. Dole ya zuba su kamar mai tallan magani a tasha. A cikin numfashi guda ya ce a fara daga saitin Hajarul Aswadi, a sa Ka'aba a hagu, a zagaya sau 7, maza su yi sassarfa a zagaye 3 na farko. Hukunci huɗu ke nan, kuma tsohuwar da za ta yi aiki da su ba za ta riƙe ko biyu ba.

Ma'aunin da nake aiki da shi mai sauƙi ne. Idan koyarwa ake yi, kalma biyu a daƙiƙa ɗaya ta isa. Wato daƙiƙa 40 tana ɗaukar kalmomi 80. Daga ciki kuma sai a cire wurin shiru, domin bayan kowane hukunci ana bukatar tsayawar daƙiƙa ɗaya ko biyu, maganar ta zauna a kunne. Saura kalmomi 70 ko ƙasa da haka. Idan rubutu ya wuce nan, hanya biyu ce: ko a rage rubutu, ko a ƙara tsawon hoto. Mu mun yi duka biyun. Mun cire kalmomin ado, mun ƙara hoton ya kai minti ɗaya, kowane hukunci ya samu jimlarsa. Kuma a lura, duk inda aka rubuta SAW bayan sunan Manzon Allah, mai magana zai yi salatin ne cikakke, don haka a ƙidaya masa lokacinsa tun a takarda. Rashin yin haka shi ke sa ka ji an haɗiye salati an mayar da shi guna-guni, abin da ko kaɗan bai dace ba.

Matsala ta biyu ita ce launin murya. Mutane da yawa sun ɗauka cewa maganar addini sai an yi ta da tsawa, ko kuma da muryar kuka daga farko har ƙarshe. Mai wa'azi a fili yana ɗaga murya ne saboda taro yana gabansa. Mai magana a bayan hoto kuwa mutum ɗaya yake yi wa magana, kusa da kunnensa. Muryar da ta dace ita ce wadda za ka yi amfani da ita idan kana koya wa mahaifinka wani abu da bai sani ba: a natse, da girmamawa, ba shagwaɓa. Sannan a yi hattara da amsa-kuwwar da masu sutudiyo suke ƙarawa wai don murya ta yi kwarjini. A ƙaramar lasifikar waya, cikin hayaniyar kasuwa, ita ce take cinye ƙarshen kalmomi.

Akwai kuma karin sautin Hausa kanta, wanda rubutun boko ba ya nunawa. Dubi jimlar nan: ya yi aski. Idan ka ja “ya” ka ɗaga ta, labari ne, an riga an yi askin. Idan ka gajarta ta ka saukar, umurni ne, ana so a yi. A faifan da nake magana a kai, mai karatun ya karanta umurni da sautin labari a wurare da dama, saboda a gaban makirfo ya fara ganin takardar. Maganin wannan shi ne ya karanta rubutun da ƙarfi tun kafin ranar ɗauka, ya sa alama a kan irin waɗannan wurare.

Matsala ta uku ita ce babba, wato yadda ake furta Larabci a tsakiyar Hausa. A nan mutane sun rabu biyu, kuma ban yarda da kowane ɓangare ɗungurungum ba. Wasu suna cewa duk kalmar da asalinta Larabci ce a mayar da ita yadda Balarabe yake faɗi. Wasu kuma suna cewa ai Allah zuciya yake dubawa, a faɗa yadda baki ya iya.

Ga ɓangaren farko ina cewa: akwai kalmomin da Hausa ta riga ta mallaka tun ɗaruruwan shekaru. Alwala, farilla, larura da alƙali duk suna da harafin da Bahaushe ya mayar lam, kuma ba wanda ya taɓa kasa gane su. Haka liman, ladan, zakka da lahira. Idan mai magana ya tsaya a tsakiyar jimlar Hausa yana murɗa harshe don ya mayar da alwala asalinta, sai jimlar ta yi tuntuɓe, mai saurare ya bar hukuncin ya koma mamakin malamin. Waɗannan a faɗe su da Hausa, da karin sautin Hausa. Su ma ɗawafi, sa'ayi, harami da Arfa, maniyyatanmu da haka suka san su. Idan ana so alhaji ya gane kalmar a bakin jami'ai a Makka, sai a faɗi asalinta sau ɗaya a farko, a hankali, sannan a ci gaba da wadda aka saba.

Ga ɓangare na biyu kuma ina cewa: lafazin da mutum zai maimaita a matsayin ibada, wato aya, addu'a, talbiyya da kabbara, hukuncinsa daban ne, domin harafi ɗaya yana juya ma'ana. A Larabci, ƙalbu zuciya ce, kalbu kuwa kare. Ƙul yana nufin ka ce, kul yana nufin ka ci. Alimun da ainun Masani ne, da hamza kuwa mai raɗaɗi. Kalmar da ke nufin ya halitta da wadda ke nufin ya aske, ɗigo ɗaya ne ya raba su a rubuce, kuma bakin Bahaushe yakan mayar da haruffan biyu “ha” guda. Ko a kabbara, malaman fiƙihu sun yi gargaɗi cewa jan wasalin farko na sunan Allah yana mayar da maganar tambaya, jan wasalin ƙarshe na akbar kuma yana mayar da kalmar wani abu daban. Gaskiya ne ana yi wa wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kasa uzuri. Amma uzurin tsohuwa a kan dardumarta bai shafi wanda aka biya don ya koyar ba. Kuskuren liman yakan tsaya a sahun da ke bayansa, na faifai kuwa ana tura shi daga waya zuwa waya, ba mai iya kiransa ya dawo.

To me muka yi? Mun raba aikin biyu. Mai muryar ya karanta Hausar, wani mahaddaci da ya yi tajwidi ya karanta Larabcin. Kafin kowane lafazi an bar ɗan shiru, an karanta shi sau biyu, sannan an bar gibi daidai tsawonsa don mai koyo ya maimaita, kana fassara ta biyo baya. Mun kuma ja kunnen mai haɗa hoto kada ya yanka sauti a tsakiyar Larabci don ya daidaita da hoto. Kalmar shahada misali, kore ce ke gaba, tabbatarwa na biye. Wanda ya sa almakashi a tsakaninsu ya juya maganar gaba ɗaya. Haka kuma mun tsayar da ruwaya ɗaya. A ƙasashenmu an taso da Warshu a makarantun allo, yayin da Hafsu ta yaɗu ta hanyar bugaggun Alƙur'anai da Islamiyyu. Dukansu ingantattu ne, kada wani ya ji Warshu ya ce kuskure ne, amma a faifan koyarwa a zaɓi ɗaya, a faɗa tun farko, a tsaya a kanta.

Wurin ɗaukar ma bai ci mana kuɗi ba. A cikin shagon mai atamfar muka yi, da dare bayan an kashe injinan wuta, domin dilolin yadi suna shanye amsa-kuwwa fiye da ɗakin siminti. Makirfo yana nesa da baki kamar taƙi guda, an ɗan karkata shi gefe don kada iskar numfashi ta buge shi.

Shawarata gare ka, Alhaji mai ɗaukar nauyi, ita ce kada ka cika kuɗin aiki sai ka yi gwaji biyu. Ka kai sautin kaɗai, ba hoto, wurin malamin da ya san tajwidi, ya saurari Larabcin da takarda a hannu, ka kuma ba shi hakkinsa kamar yadda ka ba mai kyamara. Sannan ka kunna shi a ƙaramar waya ranar kasuwa, ka ba wani dattijo da bai taɓa zuwa Makka ba ya saurara sau ɗaya, ka tambaye shi daga ina ake fara sa'ayi kuma a ina ake gamawa. Idan ya ce daga Safa, a ƙare a Marwa, tafiya 7, to aiki ya yi. Idan ya yi shiru, a koma gaban makirfo. Kai da ba ka karɓar dila sai ka kwance ka duba, bai kamata ka karɓi abin da kake fatan samu a mizaninka ba tare da dubawa ba.

Allah ya karɓi ayyukanmu, ya yafe mana kurakuranmu, amin.