Karo-karo ba zai haska gari ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo, wai tunda gwamnati ta gaza, kowace unguwa ta tashi ta yi wa kanta. A haɗa karo-karo a sayi fitilun sola, a kafa a layi, a manta da ƙaramar hukuma da harajinta. Masu wannan ra'ayi suna ganin haraji ƙwace ne kawai da sunan doka, kuma duk wanda ya zille masa ya tsira da haƙƙinsa. Ni ina ganin wannan ra'ayi kuskure ne, kuma yana cikin abubuwan da suka sa layukanmu suke kwana a duhu. Akwai kayan da taimakon sa-kai ba ya iya riƙe su komai kyawun zuciyar mutane, fitilar titi kuwa tana sahun gaba a cikinsu.

Dalilin yana cikin yanayin ita fitilar. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidansa yana iya sa famfo da kwaɗo, ya ce jarka kaza naira kaza, wanda bai biya ba ya koma da jarkarsa wayam. Fitilar titi ba ta da kwaɗo. Da zarar ta kama bayan magariba, tana haska wanda ya biya da wanda ya ƙi biya, da mai shayin bakin layi, da baƙon da ya zo wucewa daga wata unguwa. Sannan hasken da na gani da shi bai rage na maƙwabcina ba, saɓanin ruwan da idan na ɗiba ya ragu. Masana tattalin arziki, tun daga rubutun Paul Samuelson na 1954, suna ware duk abin da ya haɗa waɗannan siffofi biyu a matsayin kayan amfanin kowa: ba a iya hana wani morarsa, kuma morar wani ba ta rage ta wani. Abu irin wannan kasuwa ba ta sayar da shi, domin babu wanda zai sayi abin da zai same shi kyauta.

Mu ɗauki misali mu yi lissafi. A ce layi ne mai gidaje 40, an kafa masa fitilun sola. Kula da su, wato ajiyar kuɗin canjin batir, da ladan mai gyara, da ɗan abin da ake ba mai gadi, ya kama naira 80,000 a wata. Idan aka raba, kowane gida zai ba da 2,000. A ce kuma kowane magidanci, a zuciyarsa, yana ganin hasken ya kai masa darajar naira 5,000 a wata, saboda 'ya'yansa suna dawowa daga makarantar dare lafiya, ɓarayin babur sun rage leƙe, yana fita sallar asuba ba tare da tocila ba. Amfanin layin gaba ɗaya ya zama 200,000, kuɗin da za a kashe 80,000. Duk mai hankali zai ce wannan ciniki ne mai riba.

To amma ga abin da kowane magidanci yake gani idan ya zauna shi kaɗai. Idan ya hana tasa 2,000, asusun ya ragu da kashi ɗaya cikin 40 ne kacal. Ko da hasken ya ragu daidai da haka, asarar da ta taɓa shi ba ta wuce naira 125 ba, ga kuma 2,000 ta zauna a aljihunsa. Saboda haka idan sakataren kwamiti ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai yaro ya fito ya ce Baba ba ya nan. Gida 10 suka yi haka, ragowar 30 za su biya kusan 2,700 kowannensu. Gida 20 suka janye, kason ya koma 4,000. Ranar da masu janyewa suka kai 25, gidaje 15 da suka rage za su tarar ana neman fiye da 5,300 a hannun kowa, wato sama da darajar da hasken yake da ita a wurinsu. Nan ne mutumin kirki ma yake cewa ya gaji da ɗaukar nauyin masu cin bulus. Babu wanda ya ƙi haske a cikin su 40 ɗin, amma dukansu sun koma duhu.

Duk wanda ya zauna a irin wannan layi ya san yadda abin yake faruwa a ido. Shekarar farko fitilu suna kaiwa asuba. Hunturu ya zo, ƙura ta lulluɓe farantan, babu wanda aka ɗora wa hawa tsani ya goge. Bayan 'yan shekaru batir ya fara sanyi, fitila ta kama da magariba ta mutu kafin sha biyun dare, daidai lokacin da aka fi bukatarta. Wata rana a wayi gari an kwance batirin guda biyu. Littafin karo-karo da ya fara da shafi cike da sunaye ya koma layi biyar. Sayen fitila aikin rana ɗaya ne, ana yin sa da zumuɗi, har a ɗauki hoto. Riƙe ta kuwa aikin kowane wata ne, kuma a nan sa-kai yake karyewa. Irin wannan ƙarshe ne yake samun fitilun da 'yan siyasa suke kafawa da sunan aikin mazaɓa, domin an biya kuɗin kafawa, ba a ware na gyara ba.

Za a ce mini ai mu mutanen gayya ne, iyayenmu sun yi noma da yaɓen masallaci da yashe rijiya ba tare da takardar haraji ba. Haka ne. Amma a duba sharuɗɗan da suka sa gayya take aiki. Mutane kaɗan ne, kowa ya san kowa, aikin na yini ɗaya ne, wanda bai fito ba an gan shi, kuma ranar da tasa gonar ta bukaci hannu zai gane kurensa. Wato akwai ido, akwai hukunci. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009 saboda nazarin yadda al'ummomi suke kula da dukiyar da suka yi tarayya a kanta, ta nuna cewa irin wannan tsari yana ɗorewa ne inda aka san iyakar masu haƙƙi, ake sa ido, kuma ake hukunta mai saɓawa daki-daki. Mancur Olson kuma tun 1965 ya yi bayanin cewa idan taro ya yi yawa, kason kowa yana ƙanƙancewa har ya ga bayarwarsa da rashinta duk ɗaya. Titin Zariya a Kano, wanda dubban masu adaidaita sahu da manyan motoci suke bi kowane dare, wa zai bi su da littafin karo-karo? Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Idan kuwa kwamitin unguwa ya ce zai tilasta wa kowa biya, to ya ƙirƙiro haraji ke nan, sai dai haraji ne marar doka, marar kotun da za a kai ƙara, wanda ƙarshensa matasa ne da gora a bakin layi. Ga kuma wani zalunci da masu ra'ayin kowa-tasa-ta-fisshe-shi ba sa ambata. Unguwar masu hali, inda attajiri ɗaya zai iya sayen fitilun layi duka daga aljihunsa, za ta haskaka. Unguwar masu ƙaramin ƙarfi, inda mata suke tafiya a ƙasa da dare kuma masu ƙwacen waya suka fi yawa, ita za ta zauna a duhu.

Biranen da suka haskaka ta hanyar tilas suka bi. A Paris an daɗe ana umartar masu gidaje su riƙa rataya fitila a tagoginsu, abin bai ɗore ba. A 1667 hukuma ta karɓi aikin, ta kafa fitilu a tituna, ana biyan kuɗinsu daga harajin da aka ɗora wa masu gidaje domin shara da fitilu. Nan kusa da mu, a Ghana, ana saka wani kaso a cikin kuɗin wutar lantarki da sunan hasken tituna. A Najeriya ma doka ba ta bar abin a duhu ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da fitilun titi a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a wuri guda ya ba ta aikin ƙiyasta gidaje domin karɓar kuɗin da majalisar jiha ta ƙayyade. An haɗa aikin da hanyar biyansa.

Na san daga inda ƙyamar haraji ta samo asali. Kakanninmu sun sha wuyar haraji da jangali, kuɗin kai da na shanu da ake karɓa daga talaka ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, har mutum ya sayar da akuyarsa ko ya gudu ya bar gari. Da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979, sun yi daidai. Sai dai darasin da muka ɗauka ya zarce gona da iri. Abin da aka yaƙa shi ne harajin da ba ya duba ƙarfin mai biya kuma ba ya komawa ga jama'a. Mu kuma sai muka ɗauka kowane irin haraji haka yake, muka zauna jiran kason man fetur daga Abuja. Shugaban ƙaramar hukumar da kuɗinsa suke zuwa daga sama ba shi da dalilin jin tsoron mutanen layinku.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce za a sace kuɗin. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma maganinsa sharaɗi ne. A ƙirga gidajen kowace mazaɓa, a sa kuɗi gwargwadon girman gida da wurin da yake, yadda mai shaguna goma a bakin titi ba zai biya daidai da bazawara mai ɗaki biyu ba, wanda ba shi da hali kuma a yafe masa a rubuce. A biya ta banki a karɓi rasit, kada a danƙa wa kowa a hannu. A ware asusun fitilu daban da na albashi. Kowane turke a rubuta masa lamba, kuma duk wata uku a liƙa takarda a ƙofar mai unguwa: an tara kaza, an kashe kaza, fitila kaza ce take aiki, kaza ta mutu. Satar kuɗin fitila tana da wuyar ɓoyewa, domin ko yaro zai iya fita bayan isha'i ya ƙirga waɗanda suke ci. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin masu riƙe da su ya ragu, namu na yin shiru ma ya ragu.

Saboda haka kwamitocin unguwa su daina ƙarar da ƙarfinsu wajen bin gida-gida suna roƙon abin da ba su da ikon karɓa. Su tattara wannan ƙarfi su tafi wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma, su ce mun yarda a sa mana kuɗin fitila bisa doka, kowa ya biya gwargwadon halinsa, ku kuma ku kawo mana lissafi a rubuce. Mai rasit a hannu shi ne yake da bakin tambayar dalilin da ya sa fitilar ƙofar gidansa ta mutu, kuma shi ne zai tuna da amsar ranar zaɓe.