A Gwada Ma'auni Kafin a Auna Hatsi: Yadda Ake Binciken Hasashen Ruwan Sama

A kasuwa ba mai karɓar mudun da bai yarda da shi ba. Amma manomi a ƙasar Zuru yakan duba wayarsa ya ga an ce yiwuwar saukar ruwa yau kashi 30 ce cikin 100, ya ɗauki maganin feshi na dubban nairori ya nufi gonar wake, ba tare da ya taɓa tambayar ko wannan 30 ɗin cikakkiya ce ba. Wannan cinikin biri a sama ne. Duk lissafin da ke fitar da hasashe ma'auni ne, kuma bai kamata a ɗora kuɗi a kansa ba sai an gwada shi.

Rana ɗaya ba ta isa gwaji ba. In an ce kashi 30 kuma aka yi ruwa, mai hasashe bai yi ƙarya ba, domin bai ce ba za a yi ba. Ma'anar maganarsa ita ce, idan aka tara dukkan ranakun da ya ce kashi 30, to a sami ruwa a kimanin uku daga kowane goma. Saboda haka hanyar kama shi ita ce a kasa hasashensa rukuni-rukuni, a gwada abin da ya faɗa da abin da ya auku.

Masana yanayi sun daɗe da sanin haka. A 1950 Glenn Brier ya fitar da hanyar bai wa irin wannan hasashe maki, kuma a 1965 hukumar yanayi ta Amurka ta fara bayyana wa jama'a yiwuwar ruwa da alƙaluma. Da Allan Murphy da Robert Winkler suka bi diddigin waɗannan alƙaluma a 1977, sun tarar sun yi kusa ƙwarai da abin da ya faru. Sai dai shaidar da aka samu a can ba ta wanke lissafin da ke hasashen hadarin Zuru ba, inda ruwa kan jiƙe wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi.

Aikin ba wuya. Kafin damina a tsai da abin da za a kira "ruwa", alal misali milimita ɗaya ko fiye a mazubin awo cikin awa 24. Kowace safiya a rubuta hasashen ranar, washegari a rubuta abin da aka gani. A ƙarshen damina a kasa ranakun gida biyar. Ga misali na koyarwa, wanda aka tsara don nuna lissafin kawai. A ce an yi rubutu na kwana 150:

Rukuni na 1, ƙasa da kashi 20: kwana 30, matsakaicin hasashe 10, an yi ruwa sau 3, wato kashi 10.
Rukuni na 2, daga 20 zuwa 39: kwana 40, matsakaici 30, ruwa sau 20, wato kashi 50.
Rukuni na 3, daga 40 zuwa 59: kwana 30, matsakaici 50, ruwa sau 16, wato kashi 53.
Rukuni na 4, daga 60 zuwa 79: kwana 30, matsakaici 70, ruwa sau 17, wato kashi 57.
Rukuni na 5, daga 80 zuwa sama: kwana 20, matsakaici 90, ruwa sau 13, wato kashi 65.

Idan aka haɗa komai wuri guda, an yi ruwa a kwana 69 cikin 150, wato kashi 46, kuma matsakaicin hasashen dukkan ranakun shi ma 46 ne cif. Mai tallar lissafin zai iya nuna wannan ya bugi ƙirji. Amma rarrabawa ta tona asiri: a rukuni na 2 lissafin ya rage, a na 5 ya yi ƙari, kurakuran biyu suka rufa wa juna asiri a cikin jimla.

To, ta yaya za a san saɓanin ba na katari ba ne? Ko kwabo aka jefa sau goma, ba dole ne kai ya fito sau biyar ba. Akwai awon wannan tangaɗi: √(n × p × (1 − p)), inda n ke nufin yawan ranaku, p kuma hasashen. A rukuni na 2, ana sa ran ruwa sau 12 cikin 40, tangaɗin kuma kusan kwana 3 ne. Ninkinsa biyu ta kowane gefe ya ba da iyaka daga 6 zuwa 18, ga shi kuwa an sami 20. A rukuni na 5 ana sa ran 18, iyakar ƙasa wajen 15, aka sami 13. Waɗannan biyu abin tuhuma ne. Amma a rukuni na 4, inda ake sa ran 21 aka sami 17, iyakar ta kama daga 16 zuwa 26, don haka ba a yanke hukunci tukuna. Bugu da ƙari, ranakun ruwa kan zo a jere, abin da ke sa tangaɗin gaskiya ya fi na lissafi faɗi. Damina biyu ko uku sun fi ɗaya ƙarfin shaida.

Yanzu a dawo kan kuɗi. A ce maganin feshi da ladan ma'aikata sun kai naira 20,000, kuma ruwa in ya sauka zai wanke shi duka. A ce ɗage aikin zuwa wata rana na jawo asarar naira 8,000. Tun da 8,000 kashi 40 ce ta 20,000, ƙa'idar manomin ita ce ya ɗage duk ranar da yiwuwar ruwa ta haura 40. Waya ta ce 30, sai ya yi feshi, yana zaton a feshi goma zai rasa uku, wato naira 60,000. Alhali a irin waɗannan ranaku rabi ake ruwa, asararsa ta zama 100,000, ta ɗara 80,000 da ɗagewa za ta ci masa. Lissafinsa bai da laifi. Mudun da aka ba shi ne ya gaza.

Wani zai ce daidaito kaɗai ba ya cika tumbi, kuma ya yi gaskiya. Mutumin da kullum yake cewa kashi 46 zai ci wannan jarrabawa, amma bai gaya wa kowa ranar da zai yi feshi ba. Hasashe mai amfani shi ne wanda ke rarrabe ranaku, rukuninsa na ƙasa ya bushe, na sama ya jiƙe. A misalin nan, tsakanin rukuni na 2 da na 4 alƙaluman waya sun tashi daga 30 zuwa 70, ruwan kuwa daga 50 zuwa 57 kawai ya motsa. Wannan ma teburin ne ya nuna shi. Haka kuma ba a gwada lissafi da bayanan da aka gina shi da su, kamar yadda ba a jarraba ɗalibi da tambayoyin da ya riga ya ga amsarsu.

Abin da ya dace shi ne duk mai ba da hasashe da alƙaluma, hukuma ce ko kamfani, ya buga irin wannan tebur na yankin da yake yi wa hasashe. Kafin nan, makarantun sakandaren Zuru, Dabai, Riba da Mahuta na iya fara nasu da mazubin awo da littafin rubutu guda, malamin lissafi da na aikin gona su haɗa hannu. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, ita ce ta fi cancanta ta tattara littattafan ta fitar da sakamako kafin shukar baɗi.